Sanarwa: zaman gyaran saƙonnin Turanci ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa masu fitar da riɗi da zoɓo. Da fatan kasuwa na albarka.

Ranar Asabar bayan sallar Isha'i za mu zauna a nan rukuni mu gyara saƙonnin da muke tura wa masu saye na ƙasashen waje. Kayanmu na da kyau, amma saƙon farko ne ke sa a yi mana shiru.

Yawancinmu da "Dear Sir/Ma" muke buɗewa. Baƙo bai saba da wannan "Ma" ɗin ba, kuma yana gani ya san saƙo ɗaya aka watsa wa mutane da yawa. A nemo sunansa a rubuta. Sai kuma "I want you to send me", wanda a kunnensa umarni ne. "Could you please send" ya fi ladabi. Kada a ƙara "s" a kan "information" da "equipment".

Wanda ya fi damuna shi ne kwanan wata, domin shi har asara yake jawowa. In ka rubuta 03/04 kana nufin 3 ga Afrilu, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, ya ɗauka ka saɓa alkawarin lodi. A rubuta sunan watan: "3 April".

Kowa ya turo saƙonsa guda kafin ranar Juma'a da dare, bayan ya goge sunan mai saye da farashi.

Allah ya ba da sa'a. Na gode.