Wasiƙa zuwa ga ɗana kan hoton sakamakon da ya turo

Assalamu alaikum Abba,

Ina fata kana lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Na ga hoton sakamakonka da ka turo daga fotal ɗin makaranta, na kuma lura ba ka haɗa shi da ko kalma ɗaya ba. Na san abin da ya hana ka magana. Ba don faɗa na rubuto ba. So nake mu karanta hoton nan tare, layi bayan layi, domin kai kalmar Probation, wato gargaɗi kan ƙarancin maki, da ke can ƙasa kaɗai idonka ya gani, alhali akwai abin da ya fi ta bukatar gaggawa a sama.

Mu fara da yadda aka samu lambar da ta tayar maka da hankali. Kowane kwas yana da nauyinsa, shi ne yunit, kowane harafi kuma yana da makinsa. A makarantarku, kamar yawancin jami'o'in Najeriya, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 kuwa F ne, ba ko maki ɗaya. Ana ninka makin harafi da yunit ɗin kwas, a tara na duk kwasa-kwasan, sannan a raba da jimlar yunit ɗin da ka yi rajista. Abin da ya fito shi ne GPA na wannan zangon.

Ka duba zangonka na biyu. Ka yi rajistar yunit 16. MTH102 da PHY102, kowanne yunit 3, duka F, ba su kawo komai ba. A gaban BIO102, shi ma yunit 3, an rubuta ABS, kuma an lissafa shi sifili. CHM102 mai yunit 3 ka samu E, ya ba ka maki 3. Kwas ɗin GST mai yunit 2 ka samu C, maki 6. Na ɗakin gwaje-gwaje guda biyu masu yunit ɗai-ɗai, E kowanne, maki 2. Jimla 11. Raba 11 da 16, ka samu 0.69. Ka ga kwas ɗin da ka fi yin ƙoƙari a cikinsa shi ne mara nauyi sosai, manyan kuma su ne suka faɗi. Inda C ɗin nan a MTH102 ka same shi, da maki 9 zai kawo maka, ba 6 ba. Wannan ya isa ya nuna maka inda ya kamata ka fi kashe lokacin karatunka.

Amma ba GPA ɗin zango ɗaya ake hukunci da shi ba. CGPA ake dubawa, wato duk makin da ka tara tun ranar da ka shiga, a raba da duk yunit ɗin da ka taɓa yin rajista. Zangon farko ka samu maki 21 a yunit 18. Haɗa da na biyu, maki 32 ke nan a yunit 34, ya ba da 0.94. Littafin dokokin ɗalibai da aka ba ka ranar rantsuwa, wanda ka bari a gida, ya ce duk wanda CGPA ɗinsa ya gaza 1.00 a ƙarshen shekara ya shiga firobeshon. Wasu jami'o'in a 1.50 suke yanke iyakar, wasu kwasa-kwasan kamar likitanci suna da tasu dokar daban, don haka kada ka kama maganar abokinka na wata makaranta. Naka littafin shi ne alƙalinka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. ABS na nufin ba ka zauna jarrabawar ba. Amma mahaifiyarka ta ce ranar da kuka yi BIO102 ka kira ta kana cewa ta yi maka daɗi. To ɗaya daga cikin biyu ne. Ko dai ka zauna, takardarka ko makinka ya ɓace a hanya, ko kuma akwai abin da ba ka gaya mana ba. Irin na farkon yana faruwa, musamman a shekarar farko inda ɗalibai ke da yawa: yaro ya rubuta lambar rajistarsa ba daidai ba, ko ya manta bai sa hannu a takardar halarta ba, ko rajistar kwas ɗin ba ta shiga fotal ba har aka rufe. Ka yi wannan lissafin da kanka. In an gano takardarka kuma E kawai ka samu, makinka ya koma 35, raba da 34, ka samu 1.03. Ka fita daga firobeshon ke nan. In C ne, maki 41, wato 1.21. Haruffa uku ɗin nan su ne tsakaninka da kalmar da ta hana ka barci.

Saboda haka, in dai da gaske ka zauna, kada ka jira a dawo hutu. Ka samu kodinetan ajinku da jami'in jarrabawa na sashenku, ka rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashe. Ka sa sunan kwas da lambarsa, ranar jarrabawa, da ɗakin da ka zauna, ka haɗa da kwafin fom ɗin rajistar kwasa-kwasanka da katin jarrabawa. Ka roƙi a duba takardar halarta da kuka sa wa hannu, ita ce babbar shaidarka. Ka riƙe kwafin koken da hatimin karɓa a kai. Gyara ya fi sauƙi kafin majalisar jami'a ta amince da sakamako. Bayan nan sai an sake bin matakai masu tsawo. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya taɓa maka maki a fotal, ka guje shi. Sakamakon gaskiya yana cikin takardun sashe da na majalisa, ranar tantancewar kammala karatu kuma da su za a gwada. Wanda aka kama da wannan, kora ce kai tsaye.

In kuma ba ka zauna ba, ka gaya mini ni kaɗai, mu san abin da muke ciki. Rashin lafiya ne, ko an hana ka shiga saboda ba ka cika kashi 75 na halartar aji ba? Kowanne da yadda ake bi da shi.

Sai maganar kari-oba, wato kwas ɗin da ka faɗi wanda sai ka sake shi. A hoton akwai TCR 34 da TCE 22. Na farko yunit ɗin da ka yi rajista ne, na biyu waɗanda ka ci. Bambancin 12 shi ne bashin da ke kanka: MTH101 tun daga zangon farko, sai MTH102, PHY102 da BIO102. Akwai abin da ɗalibai da yawa ba sa ganewa sai ya yi musu illa. A dokar makarantarku, cin kari-oba ba ya goge F ɗin baya. In ka sake MTH102 ka samu B, za a ƙara maka maki 12, amma yunit ɗin kwas ɗin sau biyu zai shiga lissafi, 6 maimakon 3. Ka raba 12 da 6, B ɗinka ya zama daidai da D. Shi ya sa faɗuwa kwas ɗaya sau biyu yake da mugun tsada.

Lokacin rajista, kari-oba ake fara sawa kafin sabbin kwasa-kwasai, kuma kowanne a zangonsa: MTH101 a na farko, sauran a na biyu. Akwai iyakar yunit 24 a zango. Na san zuciyarka za ta ce ka cika 24 ɗin don kada abokanka su wuce ka. Ban yarda da wannan ba, Abba. Wanda yunit 16 ya kayar, ba a ɗora masa 24. Kowane yunit da ka ƙara yana shiga wajen rabawa ko ka ci ko ka faɗi. Ka tsaya wajen 18, ka bar duk kwas ɗin aji biyu da sai an ci lissafin aji ɗaya ake ɗaukarsa. Sannan ka shiga darasin kari-oba tare da sabbin ɗalibai, ka yi duk gwajin tsakiyar zango, domin makin nan 30 na waɗannan gwaje-gwajen, wato CA, ba a ɗauko shi daga bara, sabo ake nema. Masu jin kunyar zama da 'yan aji ɗaya su ne suke shiga jarrabawa da maki 70 kacal a gabansu. In jadawalin darasi ko na jarrabawa ya ci karo, ka kai wa kodineta tun makon farko.

Firobeshon ba kora ba ne. Gargaɗi ne na shekara ɗaya. In ƙarshen shekara mai zuwa ya zo CGPA bai kai 1.00 ba, a nan ne za ka ga Withdrawn, wato an sallame ka, ko a ba ka shawarar canza sashe in akwai mai karɓarka. Bari in nuna maka nisan tafiyar, a mafi munin hali, wato ko da ABS ɗin nan ya tabbata. In ka ɗauki yunit 36 a shekarar, jimla za ta zama 70. Kana da maki 32, saura 38 ka tsira. Wannan E ne a kowane kwas da ɗan ƙari kaɗan. Amma kada ka sa wa ranka wannan, domin mai neman 40 shi ne yake tashi da 37. In ka samu C a duka, makinka zai kai 140, CGPA ya zama 2.00 daidai.

Zan kuma gaya maka gaskiyar da ba ta da daɗi. A ce ka kammala da yunit 140 gaba ɗaya. In ka riƙe C daga yanzu har ƙarshe, za ka fita da 2.50, wato Second Class Lower, wanda ke farawa daga 2.40. Ko B ka jera har ƙarshe, 3.26 za ka tsaya, ba ka kai 3.50 na Second Class Upper ba. Shekarar farko ta riga ta ci wannan damar sai dai da ƙoƙarin da ya wuce misali. Ban faɗa don in karya maka gwiwa ba, sai don ka san abin da yake hannunka, kuma digirin da yake hannunka ɗin abin a yi masa wahala ne. In rage kaya ya ja maka ƙarin zango ɗaya, na ɗauki nauyinsa. Doka ta ba mai kwas ɗin shekara 4 har zuwa shekara 6, kuma da sauranka sosai kafin shekara 30 da ke hana zuwa bautar ƙasa.

Abu ɗaya ya rage da hoton ba zai iya gaya mini ba. Lissafi biyu da fizis duk sun faɗi, kemistiri da ƙyar. In tushen lissafinka ne ke da rauni tun daga sakandare, za mu nemi mai koya maka a wannan hutun, ka fara daga MTH101. In kuma kwas ɗin ne ba ka so, mu muka tura ka, ka faɗa yanzu da ake iya neman canjin sashe. Ka turo mini cikakken hoton zangon farko da fom ɗin rajistarka, don wanda ka turo ya yanke sama. Na tura maka kuɗin mota ta hannun yayarka, ka je sashen ranar Litinin, ka kira ni in ka fito daga ofishin jami'in jarrabawa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka