Barin waya ba kati ba ya kashe rajista

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirinku ranar Laraba ya ɓata mini rai da ya ce wai wanda ba ya son data ta riƙa sabunta kanta, ya bar layinsa ba ko sisi, shi ke nan. Haba! Wannan shawarar ce ta cinye mini kati.

Na sayi gigabait ɗaya da rabi ta kwana bakwai, ranar Litinin da ƙarfe tara na dare. Garin sauri na danna zaɓin da ke sabunta kansa, ban lura ba. Litinin ta zagayo, wa'adi ya cika, megabait 400 da ta rage ta tafi, tunda ban sabunta kafin lokacin ba. Wannan na haƙura. Layin babu kuɗi, sabuntawa ba ta yiwu ba, na ɗauka magana ta mutu. Ashe tana nan tana jira. Ranar Laraba na loda kati don in kira mahaifiyata, kafin in gama danna lambarta saƙo ya shigo: an sabunta mini data. Rashin kuɗi ba ya soke rajista, na'urarsu sake gwadawa take yi, kuɗi na shiga ta ɗauke.

Daga nan na fara sa ido. Na rubuta ragowar kuɗina da dare, na kashe data, ban kira kowa ba, da safe ya ragu. Wani tsarin labaran ƙwallo ne ake cira kullum, wanda na shiga ranar da yatsana ya taɓa wata talla. Ni da ko ƙungiya ba na goya wa baya!

Abin da ya kamata baƙon naku ya faɗa shi ne a nemo saƙon farko na rajistar, yawanci yadda ake fita yana ciki, sau da yawa tura STOP ne zuwa gajeriyar lambar da ta aiko shi. Kuma kada mutum ya saki jiki sai saƙon tabbaci ya zo. In an goge saƙon, a kira kamfanin layin, a ce su karanto duk abin da layin ke biya, a soke ɗaya bayan ɗaya. Data kuwa, a sayi ta sau ɗaya, ko a kashe sabuntawar tun ranar saye. Haka goge manhaja ba ya tsayar da biyanta, sai an shiga Play Store, wurin Subscriptions, an soke.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin hira. Rabin amsoshin baƙon ban ji su ba, ƙila ma a nan ya gyara maganarsa.

Naku,
Mai sauraronku kullum