Baba ya cika sittin, ga saƙona daga Biradfod

Assalamu alaikum mutanen gida. Umma ina kwana, ina gajiya, ya sanyin Kano? Yaya, Auta, Gwaggo da kowa da kowa ina gaisuwa. Auta ke zaki karanta wa Baba wannan saƙon, don Allah a hankali, kar ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki da sauri.

Baba barka da cika shekara 60. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana mai albarka, ya sa ka ga aurarrakin jikokinka. Na san me za ka ce, cewa za ka yi ku a zamaninku ba a san wani bazde ba, kuma in ma lissafi ake so to na watan Musulunci ya kusa 62 tunda shekarar Hijira ta gaza ta bature da wajen kwana 11. Gaskiyarka Baba. Amma ka bar ni yau ɗaya dai in faɗi abin da ke raina, tunda ba ni kusa balle in durƙusa in gaishe ka.

Nan Ingila yanzu Disamba ce, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, na fito daga aiki jiya duhu ya rufe ko'ina ga iska kamar ana yanka mutum, ina tsaye ina jiran bas sai kawai na ji kamar ƙarar keken ɗinkinka a kunnena, wallahi sai da hawaye ya zubo min. Wannan baƙin keken mai zanen ruwan gwal a jiki, na ƙafa, wanda Umma take cewa ya girmi Yaya. Da shi muka yi barci da shi muka tashi. In azumi ya kai goman ƙarshe ba ka komawa shagon Fagge da daddare, sai ka sa a ɗauko keken a kawo soro, a sha ruwa, a yi asham, ka zauna, ba za ka miƙe ba sai an fara tashin sahur. NEPA ta ɗauke wuta ko ta kawo duk ɗaya ne a wajenka tunda ƙafa ce injinka, fitilar ƙwai kawai za a matso maka da ita.

Ni ce 'yar aiken soro. Ni ke naɗa zare a ƙoshiya, ni ke riƙe bakin tef in kana awo, ni ke tsince guntayen yadi ina tarawa a leda ina yi wa 'yar tsanata kaya. A nan na haddace lissafinka tun ban iya karatu sosai ba: atamfa turmi ɗaya yadi 6, kaftani da wando na babban mutum yadi 4 zuwa 5, in kuma da babbar riga to a kawo 10. In mutum ya zo daga Kantin Kwari da yadi uku da rabi yana cewa ai zai isa, sai ka ajiye almakashi ka auna a gabansa ka nuna masa inda zai gaza, ka ce gara ya ji haushinka yau da ya ji ranar idi hannun riga ya tsaya masa a gwiwar hannu. Kuma kullum kana barin inci ɗaya ko biyu a cikin ɗinkin yara, saboda baɗi a farke a saki. Rigunanmu na makaranta shekara uku uku suke yi saboda wannan dabarar.

Amma abin da nake so kowa ya ji yau shi ne na daren jajiberin ƙaramar sallah, ina aji biyar a firamare. Ka gama wata farar shadda mai tsada ta wani alhaji, ka ce in hura gawayin dutsen guga kafin ka dawo daga alwala. Kullum kana gaya min shadda ba a ɗora mata dutse kai tsaye sai an shimfiɗa farin ƙyalle, kuma ba a fifita dutse a kusa da kaya. Ni kuma ina so in burge ka, na tsaya kan rigar ina fifitawa, tartsatsi ya faɗo ya huda ta a ƙirji ɓangaren hagu, ɗan rami kamar ƙwayar wake, gefensa ya yi ja. Na ƙame a wajen ko kuka na kasa.

Ka shigo ka gani ka yi salati, ka daɗe kana kallon rigar. Ko tsawa ba ka min ba. Ka ce in matso da fitila. Ka zare aljihun da ka riga ka ɗinka, ka yanko sabo daga ragowar yadin wanda ya ɗan fi na farko faɗi, ka daidaita furen shaddar ya hau kan na rigar don kar ido ya gane, ka liƙa ƙaramin ƙyalle ta ciki ka ɗaure bakin ramin don kar ya ci gaba da zarewa, sannan ka ɗora aljihun ya rufe wajen ruf. Wajen awa biyu ka yi a kai alhali ga ɗinkin mutane jibge. Da aka gama ni kaina da na yi ɓarnar sai da na laluba ta ciki kafin na gano wajen.

Da asuba mutumin ya zo karɓa, ni ina bayan ƙyaure ina addu'a Allah ya sa ya ɗauka ya tafi. Sai na ji ka ce Alhaji tsaya, ka juya rigar ka nuna masa da yatsanka, ka ce wuta ta taɓa ta a hannunmu, ga gyaran da aka yi, in bai yi maka ba zan biya shaddar bayan sallah. Ba ka ce yarinya ce ta yi ba, a hannunmu ka ce. Kuɗin ɗinkin ma ka ƙi karɓa duk da ya matsa. Sai da na girma Umma ta gaya min da kuɗin ka so siya mana takalman sallah, shi yasa shekarar muka je idi da na makaranta an goge su da mai. Washegari kuma duk gajiyar nan haka ka ɗora ni a wuya a Ƙofar Kudu don in hango dawakan Hawan Daushe, idonka jajir don rashin barci.

Baba yanzu aikin jinya nake, kuma akwai ranar da na makara wajen ba wata tsohuwa maganinta, ba wanda ya lura, ba abin da ya same ta. Na tsaya da biro a hannu, sai yatsanka a cikin rigar nan ya faɗo min. Na rubuta ainihin lokacin, na je na gaya wa shugabarmu da bakina.

Yaya, magana ta gaskiya yanzu. Auta ta ce min Baba sai ya miƙa mata allura ta zura masa zare, kuma yana nesanta waya da fuskarsa in zai duba lamba. Na turo kuɗi ta asusunka, don Allah satin nan a kai shi a duba idon a asibiti, a auna masa tabarau na gaske, kar a siyo na bakin titi. A haɗa da awon hawan jini da suga tunda an je. Ragowar Umma ta yi masa tuwon shinkafa miyar taushe da kan rago, a kai wa maƙota da yaran shago, a ba almajiran layi sadaka.

Kuma na ji ana maganar sayar da tsohon keken tunda an siyo na lantarki. Don girman Allah kar a sayar, a sa masa mai a lulluɓe shi a ɗakin Umma, ni nake so.

Zan kira bidiyo yau ƙarfe takwas na dare agogonku, nan bakwai kenan tunda da sanyi kun riga mu da awa ɗaya. Auta ki yi caji tun yanzu ki sa data. Baba ka sa farin kaftanin nan da hula zanna, ina so in gan ka da kyau.

'Yarka ta soro.