Janareta ko wutar kamfani: lissafin da mai ƙaramin shago ya kamata ya yi

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan muhawarar da ke tashi duk lokacin da aka ƙara kuɗin wuta, wadda ake cewa gara mai shago ya yanke wutar kamfani ya koma kan janaretansa. Masu faɗar haka kan ɗora kuɗin da suka biya na wuta a wata kusa da kuɗin man da suka sha a rana, alhali ba a kwatanta biyun sai an mayar da su ma'auni ɗaya. Ma'aunin shi ne yunit, wato abin da ake rubutawa kWh a jikin mita. Yunit ɗaya shi ne wutar da kayan wat 1,000 za su ci cikin awa ɗaya, ko kayan wat 500 cikin awa biyu. Kamfani da yunit yake sayar da wuta, shi kuwa janareta da lita yake sha. Tambayar ita ce yunit nawa lita ɗaya ke bayarwa.

A cikin lita ɗaya ta fetur akwai ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9, amma ƙaramin inji ba ya iya mayar da ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan zuwa wuta. Sauran yana tafiya ne a zafi da hayaƙi. Janaretan fetur mai lafiya, wanda aka ɗora wa kaya daidai ƙarfinsa, yakan ba da wajen yunit ɗaya da rabi a kowace lita. Wannan shi ne iyakar ƙoƙarinsa, kuma yawancin shaguna ba sa samun haka. Dalili shi ne injin yana juyawa ne da gudu guda, sau 3,000 a minti a inda wuta take 50 Hz, ko an jona masa kaya ko ba a jona ba. Janareta mai 2.5 kVA zai sha kusan rabin lita a awa ko da ƙwan fitila ɗaya ba a kunna ba. Kamar mutum ne ya yi hayar babbar mota don ta kai masa buhu ɗaya: man da za ta sha ba zai ragu sosai don kayan ba su da yawa ba.

Bari mu ɗauki shago guda mu bi lissafinsa. A ce akwai firiza mai wat 150, da firjin lemo mai wat 250, da fanka biyu masu wat 70 kowace, da ƙwayayen fitila shida masu wat 10, sai talabijin da cajin waya da suka haɗa wat 100. Jimla wat 700 ke nan. Sai dai kwamfireson firji ba ya aiki koyaushe, yana tashi yana tsayawa, saboda haka abin da shagon ke ci a tsaka-tsaki bai wuce wat 500 ba, wato rabin yunit a awa. Cikin awa 8 ya ci yunit 4.

Janareta mai 2.5 kVA ƙarfinsa na gaskiya wajen wat 2,000 ne, ka ga shagon nan kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake ɗora masa. Da irin wannan lodi zai sha kimanin lita 0.7 a awa, wato lita 5.6 cikin awa 8. Idan aka raba yunit 4 da lita 5.6, kowace lita ta ba da yunit 0.7 kacal, ƙasa da rabin abin da injin zai iya.

Farashi yana canzawa daga wuri zuwa wuri da kuma daga wata zuwa wata, don haka zan sa alƙaluman misali, kowa ya cire ya sa nasa. A ce lita 1,000 ce, yunit na kamfani kuma 200. Man awa 8 ya tashi 5,600, kowane yunit na janareta ya kama 1,400. Wannan wutar dai, yunit 4, a mita 800 ce. Ninki bakwai ke nan, kuma mai kaɗai muka lissafa.

Abin da aka fi mantawa shi ne injin kansa yana cinyewa. Ana juye baƙin mai ne bisa awannin aiki, tsakanin awa 50 zuwa 100 gwargwadon zafi da ƙurar wurin, kuma irin wannan inji yakan ɗauki kimanin lita 0.6. Shagon da ke kunna shi awa 8 a rana, kwana 26 a wata, ya yi awa 208, wato juye biyu zuwa huɗu a wata guda. Ga fulogi, ga filtar iska, ga igiyar tayarwa, ga kuɗin makaniki. A ce duk waɗannan sun kama 50 a kowace awa. Sannan a ce an sayi injin 300,000 kuma zai yi awa 2,000 kafin ya fara shan baƙin mai ya buƙaci ringi da fistin ko a sake wani; kowace awa tana cin 150 daga kuɗinsa. To awa ɗaya ta janareta ta zama 700 na fetur da 200 na lalacewa, 900 ke nan, kuma rabin yunit ta bayar. Yunit ɗaya ya tashi 1,800, ninki tara na wutar mita.

Daga nan ake samun ƙa'idar da kowa zai iya riƙewa ba tare da biro ba. Ko da janaretan fetur yana aiki a mafi kyawun halinsa, yunit ɗinsa ba zai yi ƙasa da kashi biyu cikin uku na kuɗin lita ba. Muddin yunit na kamfani bai kai wannan ba, wutar mita ce ta fi araha, kuma da nisa. A misalinmu ko an ninka kuɗin wuta sau uku ya koma 600, bai kamo 667 da injin da ya fi kowane tattali zai ci a mai kaɗai ba. Injin dizal ya fi, yakan ba da wajen yunit 3 a lita idan an ɗora masa kaya sosai, amma tsadarsa da girmansa sun fi ƙarfin shagon da ke cin wat 500, kuma barinsa yana aiki babu lodi yana tara masa dauɗa ya lalata shi.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya shi ne wajen wanda ba shi da mita, ana kawo masa takardar ƙiyasi. Shi kuɗin yunit da aka rubuta a takarda ba shi ne abin da yake biya ba. Sai ya raba kuɗin wata da yunit ɗin da ya sha da gaske. Idan an ce ya biya 30,000 a wata, wuta kuma awa 3 take zuwa a lokacin da shago yake buɗe, ya sha yunit ɗaya da rabi a rana, 39 cikin kwana 26. Kowane yunit ya tsaya masa kusan 770. An cuce shi, babu shakka, amma a lura har yanzu bai kai rabin 1,800 na janaretansa ba. Maganin nasa neman mita ne. Idan kuma shaguna da yawa ne kan mita ɗaya, kowane ya sa ƙaramar mita tasa, don kada mai ɗinki ya riƙa biyan wutar mai firiza uku. Haka nan a duba ƙarfin wutar da ke zuwa. Idan fanka tana juyawa a hankali, firji yana gurnani yana ƙoƙarin tashi yana kasawa, wutar ta yi rauni, kuma ita ce ke ƙona kwamfireso. Kuɗin sitabilaiza ya kamata ya shiga lissafin ɓangaren wutar kamfani.

Tun da wuta ba ta tsayawa koyaushe, shawarar da ke gaban mai shago a zahiri ita ce wace awa ce ta cancanci a ta da inji. Awa ɗaya 900 ce a misalinmu. Idan ribar da wutar ke jawowa a wannan awa, ribar fa ba ciniki ba, ba ta wuce 900 ba, asara ake yi ko da shago yana da haske da sanyi. Da rana tsaka, lokacin da babu buƙatar fitila kuma masu saye sun yi ƙaranci, sau da yawa fanka biyu da caji kaɗai ake ƙona wa mai. A irin wannan awa lodin ba ya wuce wat 250, man kuwa bai ragu da yawa ba, sai kuɗin yunit ya kusa ninkawa.

Firiza tana ba da dama a nan. Idan ta cika da kayan da suka riga suka daskare kuma ba a yawan buɗe ta, tana riƙe sanyi har kusan kwana biyu, mai rabin kaya kuma kwana ɗaya. Firji na yau da kullum wajen awa 4 yake riƙewa, don haka nama da madara a firiza za su zauna. Maimakon awa 8 a jere, ana iya kunna inji awa biyu da hantsi da awa biyu da yamma, a haɗa duk aikin da ke son wuta a lokacin. Kwamfireso zai yi ta aiki babu tsayawa, lodi ya hau zuwa wat 700, inji ya sha kimanin lita 0.75 a awa. Lita 3 ke nan a rana maimakon 5.6.

Wani zai ce to a sayi ƙaramin inji mana. Yana rage shan mai, amma akwai iyaka. Kwamfireso yana jan ninki uku ko fiye na wutarsa a daƙiƙar da zai tashi, saboda haka firjin wat 250 zai iya neman wat 1,000 na ɗan lokaci. Idan injin ya yi ƙanƙanta za a ji ya durƙusa, fitilu su dushe, firjin ya kasa tashi. Dabarar ita ce a fara jona wanda ya fi girma, a jira ya daidaita, sannan a jona na biyu, kuma idan an kashe firji a ba shi minti biyar kafin a sake kunna shi.

Alƙaluman shan mai da na kawo na injin da ke da lafiya ne, kuma kowa zai iya auna nasa. A cika tanki zuwa wata alama, a kunna kayan shago yadda aka saba na awa biyu cif, a kashe a bar injin ya huce, sannan a sake cikawa zuwa alamar da gorar da aka san awonta. A raba abin da aka zuba gida biyu, an sami shan mai na awa. Idan mai 2.5 kVA ya haura lita ɗaya a awa da kayan wat 500, akwai matsala. Baƙin hayaƙi da fulogi mai baƙin toka suna nuna mai ya fi iska yawa, kuma galibi filtar iska ce ta toshe, ko an bar cok a rufe, ko kafireta tana ambaliya. Idan ƙarar injin tana hawa tana sauka ita kaɗai, ƙaramar hanyar mai a kafireta ce ta yi datti. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ya gaji.

Abu biyu ba a yi musu tattali. Kada a shigar da janareta cikin shago ko lungun da iska ba ta ratsawa don gudun ɓarayi ko ruwan sama, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kisa. Kada kuma a jona shi ta soket kai tsaye ba tare da makunnin sauya layi ba, wanda masu wayarin ke kira cenji-oba. Wutar injin za ta iya komawa kan layin kamfani ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan fal, kuma idan wutar kamfani ta dawo ta haɗu da ta injin, kwayil ɗinsa zai ƙone nan take.

Na gode.

Naka,
Wani mai aikin wayarin da gyaran janareta