Neman shawara kan kuɗin zoben zinare: giram, farashin rana da kuɗin aiki

Assalamu alaikum Hajiya, mai kula da filin shawarwari.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da abokan aikinki, na rubuto ne domin neman shawararki a kan wani zoben zinare da nake son saya, wanda lissafin kuɗinsa ya tsaya mini a rai. Ni malamar makaranta ce a Kano, kuma na kwashi adashena a watan da ya wuce. Niyyata ita ce in mayar da kuɗin zinare, domin in riƙa sawa a hannu, idan kuma wata lalura ta taso in sayar ba tare da na yi asara mai yawa ba. Saboda haka abin da ya dame ni ya wuce kyan zobe. Ina son in san nawa ne daga cikin kuɗin da zan biya zai zauna a jikin zinaren, nawa ne kuma zai tafi da zarar na fito daga shago.

Kafin in shiga kasuwa, ƙanina ya nuna mini yadda ake fitar da farashin rana. Ya ce a kasuwar duniya da dala ake faɗin kuɗin zinare, kuma a kan oza ɗaya, wadda nauyinta giram 31.1 ne. Sai a raba kuɗin ozar gida 31.1, abin da ya fito a ninka shi da canjin dala na ranar, a samu kuɗin giram ɗaya na tsantsar zinare, wato karat 24. A ranar da muka yi lissafin, abin da muka samu ya kusa naira 200,000, sai muka cike shi haka domin sauƙi. Amma zoben da ake sawa ba tsantsa ba ne, domin tsantsar zinare tana da laushi, dole a gauraya ta da azurfa ko jan ƙarfe kafin ta yi ƙarfin da za ta jure aikin hannu. Karat 21 yana nufin kashi 21 cikin 24 zinare ne, shi ya sa ake buga masa hatimin 875 a cikin zoben, karat 18 kuma ake buga masa 750. Bisa wannan, giram ɗaya na karat 21 ya kama naira 175,000, na karat 18 kuma naira 150,000. Da wannan adadi na 175,000 na tafi, tun da karat 21 nake nema.

A shagon farko na ga zobe sumul, babu dutse ko ɗaya a jikinsa, an ɗora shi a sikeli a gabana ya ba da giram 4.6. Mai shagon ya ce giram naira 198,000 ne, jimla naira 910,800. Da na ce masa na ji farashin rana bai kai haka ba, sai ya amsa da cewa nasa farashin ya haɗa da kuɗin aiki, kuma kayan daga Dubai aka shigo da su, ba ya raba lissafin gida biyu. Na koma gida na raba da kaina. Zinaren da ke jikin zoben, giram 4.6 a kan 175,000, ya kama naira 805,000. Ragowar naira 105,800 ita ce kuɗin aiki da ribar mai shago, wato naira 23,000 a kan kowane giram, kimanin kashi 13 cikin ɗari na kuɗin zinaren.

A shago na biyu lissafin a rabe aka ba ni, kuma hakan ya fi kwanta mini da farko. Zoben karat 21 ne shi ma, an jera masa fararen duwatsu a sama, nauyinsa giram 4.8. Mai shagon ya lissafa giram a kan 175,000 daidai da farashin rana, ya kama naira 840,000, ya ɗora kuɗin aiki naira 60,000, jimla naira 900,000. Duk wanda ya dubi wannan zai ce ya fi na farko nauyi, ya fi shi ado, kuma ya fi shi araha da naira 10,800. Sai dai da na tambaye shi ko duwatsun lu'ulu'u ne, ya gaya mini gaskiya cewa na ado ne kawai, ba su da wata daraja idan an zo sayarwa. Na sake tambaya ko an cire nauyinsu daga giram 4.8 ɗin, ya ce a'a, haka ake aunawa gaba ɗaya, amma a ƙiyasinsa ba za su wuce rabin giram ba.

A nan ne hankalina ya tashi, Hajiya. Idan duwatsun rabin giram ne, to zinaren da ke zoben giram 4.3 ne, kuɗinsa naira 752,500. Ke nan abin da zan biya a kan kuɗin zinaren ya kai naira 147,500, wanda ya kusa kashi 20 cikin ɗari, alhali a baki an ce mini kuɗin aiki 60,000 ne. Ragowar naira 87,500 kuɗin duwatsu ne da aka sayar mini a farashin zinare. Ban ce mai shagon ya ɓoye mini komai ba, domin ya amsa duk abin da na tambaya, amma na tabbata mata da yawa ba sa yin wannan tambayar, sai ranar da suka kai zoben sayarwa, a ɓamɓare duwatsun a gabansu, sikeli ya nuna musu abin da ba su zata ba. Kuma rabin giram ɗin ma ƙiyasi ne na ido, ba wanda zai san haƙiƙanin nauyin sai an cire su, shi kuwa mai shago ba zai lalata zobensa saboda mai ciniki ba.

Domin in gane iyakar asarar, na tambayi kowannensu nawa zai saya idan na dawo masa da zoben a ranar. Amsarsu ta zo kusan ɗaya: giram na karat 21 suna karɓa a kan naira 168,000, kuma ba a mayar da kuɗin aiki ko kwabo. A wannan farashi zobe na farko zai dawo mini da naira 772,800, na rasa 138,000. Na biyu kuwa, bayan an cire duwatsu, zai dawo da naira 722,400, na rasa 177,600. Wato wanda ya fi araha wajen saye shi ne ya fi cin kuɗina wajen sayarwa, da kusan naira dubu arba'in. Har ma na farkon, sai farashin da suke karɓa ya tashi daga 168,000 zuwa 198,000 kafin in mayar da uwar kuɗina.

Tambayata ta farko ita ce a kan kuɗin aikin nan. Shin akwai wani mizani da masu sana'ar suka sani, wanda idan an wuce shi mai saye zai ce an tsawwala masa? Na fahimci cewa zobe mai zane da sassaƙa ya fi sumul cin aiki, kuma wanda aka shigo da shi yana ɗauke da kuɗin jirgi da sauran ɗawainiya. Abin da ban gane ba shi ne dalilin ɗora kuɗin aiki a kan kowane giram a zobe sumul, domin a ganina wahalar ƙera mai giram shida ba ta ninka ta mai giram uku ba. Kuma tun da farashin rana ba na mai shago ba ne balle ya rage, ina ganin kuɗin aiki ne kaɗai wurin da ciniki zai yiwu. Shin ya dace in nemi ya raba mini lissafin a takarda, in taya a kan kuɗin aikin kawai, ko kuwa hakan ya saɓa wa al'adar kasuwar?

Ta biyu ta shafi shi kansa farashin ranar. Ni da canjin da ƙanina ya gani a waya na yi lissafi, amma mai shagon farko ya ce su da canjin 'yan canji suke sayen dala, kuma farashin yana iya sauyawa tsakanin safe da yamma. Bambancin naira hamsin a kowace dala kaɗai yana iya ƙara dubban nairori a giram ɗaya. Wane canji ne ya kamata mai saye ya riƙe a matsayin hujja, kuma ta yaya zan san cewa adadin da aka faɗa mini shi ne wanda sauran shaguna suke aiki da shi a wannan sa'ar?

Akwai kuma batun tabbatar da karat, wanda dukkan lissafin nan ya dogara a kansa. Da a ce zobe na farko karat 18 ne aka buga masa 875, da zinarensa naira 690,000 ne maimakon 805,000, asarar da ta fi kuɗin aikin gaba ɗaya. Na ga yadda maƙera suke goga zinare a baƙin dutse su ɗiga masa ruwan gwaji, an kuma ce mini wasu shagunan suna da na'ura. Amma goga a dutse saman ƙarfen kawai yake nunawa, kuma wurin da aka yi liƙi yakan kasance da karat ƙasa da na sauran jikin. Shin hatimi da rasit sun wadatar, ko ya kamata in nemi a bar ni in kai wa wani maƙeri na daban ya gwada ya kuma sake aunawa kafin in biya? A rasit ɗin ma, ina son in san abin da dole a rubuta, domin ni a tunanina ya kamata karat, da nauyin zinare ban da dutse, da farashin giram na ranar, da kuɗin aiki, kowanne ya fito a layinsa.

Ta ƙarshe ta haɗa da addini, kuma ita ce ta fi nauyi a zuciyata. Ina da wani ɗan kunne na karat 21 da ya karye, nauyinsa giram 3. Mai shagon farko ya ce in ba shi, ya kimanta shi naira 504,000, in cika masa 406,800 in ɗauki zoben. To a Islamiyya an karantar da mu cewa zinare da zinare ba a musayarsu sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. Wata yayata ta ce mafita ita ce in sayar da ɗan kunnen in karɓi kuɗina tukuna, sannan in sayi zoben a ciniki na daban. Wata kuma ta ce gara in kai wa maƙeri ya narka ya ƙera mini zobe da zinarena, in biya shi ladan aikinsa kawai, ko da yake an ce wajen narkarwa da gogewa nauyin yakan ɗan ragu, kuma ban san ragin da ake yarda da shi ba. Idan zai yiwu, ina roƙon ki haɗa da wani malami a amsar wannan ɓangaren, har da hukuncin ba da wani abu na kafin alƙalami a ajiye mini zoben zuwa ƙarshen wata, domin shi ma an yi mini tayinsa.

A yanzu zuciyata ta fi karkata ga zoben sumul, idan mai shagon ya yarda ya sauko da kuɗin aikin, amma ba zan biya ba sai na ga amsarki. Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Wassalam,
'Yar uwarki, mai bibiyar filinki daga Kano.