Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Yankewar Hoto A Allon Talla Na Tsaye

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna rubuto muku wannan wasiƙa ne kan ƙorafin da ya fi kowanne yawa tun lokacin da muka fara kafa allunan talla a tsaye a shagunanku, gidajen abinci da kantunan magani, wato cewa hoton da aka aiko ba ya fita duka, sai a ga an datse masa gefe ko an ci masa kai. Sau da dama akan kira mu da cewa allo ya lalace, amma idan ma'aikacinmu ya je ya duba sai ya tarar allon lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne an zana hoton da wani awo dabam, ba awon da akwatin da ke bayan allon yake fitarwa ba. Wani ɓangare na laifin namu ne, domin mun kafa alluna da yawa ba tare da mun ba masu yi muku zane wannan awo a rubuce ba.

Allon da kuke gani a tsaye, asalinsa a kwance aka ƙera shi. Yawancin waɗanda muka kafa suna da ɗigo, ko fiksel kamar yadda masu zane ke cewa, 1920 a faɗi da 1080 a tsayi. Da muka juya shi muka jingina shi da bango, sai faɗin ya koma 1080, tsayin kuma 1920. Shi allon bai san an juya shi ba. Ƙaramin akwatin nan da ke maƙale a bayansa, wanda ke haɗe da shi ta wayar HDMI, shi ne ke juya hoton kafin ya tura, kuma shi ne ke yanke hukuncin abin da za a yi da duk fayil ɗin da bai zo daidai da filin ba. Zaɓinsa uku ne, kuma za ku gan su a manhajar da waɗannan sunaye: `Fit` yana rage hoton har ya shiga duka, ya bar baƙin fili a inda bai cika ba, `Fill` yana buɗa hoton har ya cika allon, ya zubar da abin da ya yi saura, `Stretch` kuwa yana jan hoton ta ƙarfi, har fuskar mutum ta yi tsawo, tambarin da yake da'ira ya koma kamar ƙwai. Mun saba barin akwatunanmu a kan `Fill` saboda mafi yawanku ba ku son ganin baƙin fili, kuma a nan ne yankewar ke shigowa.

Bari mu ba ku misalin wani gidan abinci da muka yi wa aiki, domin shi ya sa muka ga dacewar wannan wasiƙa. Mai gidan ya sa an zana masa jerin abinci da farashi a kan awon takardar A4, irin wanda ake bugawa a manna a bango, sannan ya turo mana shi da tunanin cewa tunda takardar a tsaye take, allon ma a tsaye, ai za su dace. To, ba kowace tsayuwa ce ɗaya ba. Tsayin A4 ya ninka faɗinta kusan sau 1.41, shi kuwa allon tsayinsa ya ninka faɗinsa kusan sau 1.78, wato ya fi takardar siranta sosai. Da akwatin ya buɗa hoton har tsayinsa ya kai 1920, sai faɗinsa ya zama kusan 1358, alhali gurbin da ke akwai 1080 ne kawai. Ragowar 278 ta tafi, 139 daga dama, 139 daga hagu. A hagu hotunan kwanuka ne, ba wanda ya lura an ɗan ci bakinsu. A dama kuwa farashi ne, kuma mai zanen ya matsa shi kusa da gefe, don haka sifiri biyu na ƙarshe suka faɗa cikin abin da aka yanke. Shinkafa da miya ta naira 2500 ta fito a allo da 25, kuma sai da yaron da ke karɓar kuɗi ya gaji da zolayar masu saye kafin aka kira mu.

Mun mayar da akwatin kan `Fit` a ranar don farashin ya fito, amma wannan rufin asiri ne kawai, domin hoton ya tsaya a tsayin 1527, aka bar baƙin fili na kusan 196 a sama da wani kamarsa a ƙasa. Gyaran gaskiya ya samu ne da mai zanen ya buɗe sabon shafi na 1080 da 1920 ya sake jera komai a kai. Idan haka takardar tsaye ta yi, ku auna abin da zai faru da hoto ko bidiyon da aka shirya a kwance: a kan `Fill` ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ne zai bayyana, a kan `Fit` kuwa zai zama ɗan siririn ɗamara mai tsayin kusan 608 a tsakiyar allo.

Muna roƙon masu zane, musamman waɗanda suka taso a aikin ɗab'i da CorelDRAW, su ajiye lissafin santimita da na 300 dpi idan aikin allo ya zo. Girman allon a inci, 43 ne ko 55, ba ya sauya komai a wurin zane, kuma lambar dpi da aka rubuta a cikin fayil ba ta da wani tasiri a kan akwatin. Abin da yake dubawa kawai shi ne yawan fiksel a faɗi da a tsayi. A sa ma'aunin shafi a kan fiksel tun farko, a fitar da PNG idan rubutu ya yi yawa ko JPG idan hoto ne, sannan a buɗe bayanin fayil ɗin a tabbatar an ga 1080 da 1920 kafin a turo. Idan ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin `Document`, domin hanyar hoto ta yau da kullum tana matse shi, wani lokaci ta rage masa awo, ƙananan rubutu su dushe.

Kun lura mun ce awon akwati, ba mu ce awon allo ba, kuma da gangan muka faɗi haka. Wasunku sun sayi allo mai 4K, wanda a tsaye yake da 2160 da 3840, sai su sa a yi musu zane da wannan girman. Amma idan akwatin da ke bayansa 1080 da 1920 yake shimfiɗa hotuna a kai, kamar yadda ƙananan akwatunan Android da yawa ke yi, zai rage babban fayil ɗin ne kafin ya nuna, kuma ba ku ci ribar komai ba sai nauyin fayil da jinkirin sauyawa daga hoto zuwa hoto. Haka kuma idan mun raba muku allon gida biyu, misali muka ware 120 a ƙasa don rubutu mai tafiya, filin hotonku ya zama 1080 da 1800. Wanda ya zana da cikakken 1920 a irin wannan allo, shi ma za a yanke masa, ko da yake ya yi abin da ake ganin daidai ne.

Akwai kuma yankewar da ba ruwan mai zane a cikinta, kuma wurin da aka yanke shi ke nuna inda matsalar take. Idan gefe biyu ne suka tafi, fayil ɗin ne ya yi faɗi da yawa. Idan ɗan siriri ne aka ci ta dukkan ɓangarori huɗu, to allon ne da kansa yake ɗan buɗa hoton, wata ɗabi'a da talabijin suka gada tun zamanin tsofaffin akwatunan kallo. Ana kashe ta a cikin saitin hoto, inda LG ke kiran zaɓin `Just Scan`, Samsung kuma `Fit to Screen` ko `Screen Fit` gwargwadon shekarar ƙira. Na uku shi ya fi ruɗa mutane, domin hoton da jiya yake daidai ne yau zai wayi gari ba kai ba ƙafa. Dalilinsa shi ne, duk lokacin da akwatin ya tashi yakan tambayi allon awon da yake ɗauka. Idan an ɗauke wuta aka koma janareta, akwatin kan riga allon farkawa, ya yi tambaya ba a amsa masa ba, sai wasu akwatunan su koma kan wani ƙaramin awo kamar 1024 da 768. Wannan awo idan aka juya shi ya fi namu gajarta, don haka `Fill` zai zubar da kusan rubu'in tsayin hoton, rabi daga sama, rabi daga ƙasa, rubutun kuma ya yi dishi-dishi. Kafin ku kira mu, ku bar allon a kunne, ku zare wutar akwatin kaɗai, ku jira ɗan lokaci ku mayar. Idan abin yana maimaituwa ku sanar da mu, za mu zo mu ɗaure awon da hannu a inda akwatin ya yarda da haka.

Domin kada a ci gaba da hasashe, mun shirya hoton gwaji wanda za mu ɗora a kowane akwati. Farin fili ne mai jan layi da ya zagaye bakinsa, da lamba a kowace kusurwa daga 1 zuwa 4, da da'ira a tsakiya. Idan jan layin ya fito ta ko'ina, lambobin huɗu sun bayyana, da'irar kuma ba ta miƙe ba, to akwati da allo sun daidaita, duk yankewar da aka gani bayan haka daga fayil take, muddin akwatin bai koma kan wani awo ba. A cikin hoton akwai wani layi na biyu mai launin shuɗi, wanda ya shigo ciki da 54 daga kowane gefe da 96 daga sama da ƙasa, wato kashi 5 cikin ɗari. Launin bango da ado su kai har baki, amma farashi, lambar waya, tambari da duk abin da ɓatansa zai jawo magana su tsaya a cikin shuɗin layin. Wannan tazara tana kuma kare ku daga bakin katako ko ƙarfen da aka kewaye allon da shi, wanda sau da yawa yakan ɗan hau kan gilashin.

Daga yanzu kowane allo da muka kafa zai samu ƙaramar takarda a bayansa mai ɗauke da awon da akwatinsa ke fitarwa da awon kowane gida idan an raba shi, kuma za mu bi tsofaffin allunan ɗaya bayan ɗaya mu manna musu. Duk fayil ɗin da ya zo mana da wani awo dabam ba za mu ɗora shi ba sai mun tuntuɓe ku, ku zaɓa tsakanin sake zane da barin baƙin fili. Muna roƙonku da ku ɗauki hoton wannan takarda ku tura wa mai yi muku zane kafin ya fara aiki na gaba.

Mun gode da haƙurinku. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Wassalam,
Sashen kafawa da kula da alluna