Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum, iyayenmu masu makarantu, Alhazai da Hajiyoyi.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na watan azumi. Ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba.

Abin da ya cinye mana shekarar shi ne yarjejeniyar kamfanin nan na Turai da muke ajiye sunayen ɗalibai, hotunansu, sakamakonsu da lambobin iyayensu a manhajarsa. Masu cewa kwamiti ya ja ƙafa wajen sabunta ta, su sani takardar da ya kamata a karanta ba ta cikin abin da aka aiko mana. Sharuɗɗan kare bayanai suna wata takarda daban, can ƙasan shafin kamfanin, da ƙananan haruffa. Ni kaina sai bana na gan ta.

Zaman da muka yi a kanta, wallahi ban ga irinsa ba tun da na karɓi aikin nan. Hajiya Ma'aji ta ba mu ɗakin taron makarantarta, janareta ya mutu sau biyu, muka ƙarasa da fitilar waya. Barista, 'yar wajen Mataimakin Shugaba, ta zo da takardar a buge, ta sha jan biro. Ta fara da abin da ya sanyaya wa kowa jiki: a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, mu ne masu iko da bayanan, kamfanin mai sarrafa mana ne kawai. In suka fita, ƙofarmu iyaye za su buga, mu hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, za ta tuhuma. Ko ga mafi ƙanƙantar masu riƙe bayanai tarar tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Sai ta ɗora yatsa kan sakin layin da ke cewa in an yi kutse za su sanar da mu ba tare da jinkiri ba. Wani dattijo ya ce, "To ai ya yi, 'yata." Ta ce, "Baba, kwana nawa ne jinkiri?" Ɗaki ya yi tsit. Doka ta ba mu awa 72 daga sanda muka sani mu kai rahoto ga NDPC, in kutsen zai iya cutar da masu bayanan, kuma rahoton na buƙatar irin bayanan da aka taɓa da yawan mutanen da abin ya shafa. Wannan kamfanin ne kaɗai zai iya gaya mana. In ya aiko da layi biyu na ban haƙuri, agogo ya fara tafiya, hannunmu wayam. Muka nemi awa 24 tare da cikakken bayani, suka ce 72, aka tsaya a 48. Yanzu a rubuce yake.

Na biyu, ina bayanan suke kwana? Wakilinsu ya sha gaya mana a ƙasar Ayalan rumbun yake, kuma gaskiya ne. Amma a jerin ƙananan kamfanonin da suke ɗauka aiki, Barista ta gano masu amsa ƙorafi suna wata ƙasa a Asiya, kuma suna iya buɗe fayil ɗin yaro in malami ya kai kuka. Wannan ma fitar da bayanai waje ne, doka kuwa ta ce sai da isasshiyar kariya. Sun yarda su ba mu sanarwar kwana 30 kafin ƙara wani kamfani, da damar mu ƙi. Allah Ya saka wa Barista da alheri.

Abu biyu ba su kammalu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. In mun rabu da su, sun ce za su goge bayanai, amma sun ƙi faɗin yaushe kwafin ajiya zai bi, sun kuma ƙi ba da shaidar gogewa. Haka diyya: ba za ta wuce kuɗin wata 12 da muka biya ba, ko bayanan yara nawa suka zube. Jayayya a kan waɗannan aikin lauya ne na makonni, ba a yin sa da godiya kawai. Da me za mu biya? Cikin makarantu 23, tara ne suka cika kuɗin shekara. Na kira, na tura saƙo, na taka har ofis, ana ce min Malam ya fita alhali ga motarsa a inuwa. Waɗannan ɗin ne kuma suka fi tambaya a waya me ya sa ba a gama ba.

Takardar izinin iyaye da muka raba, tunda bayanan yara ne, makarantu shida kawai suka dawo da ita. A zo da sauran taro mai zuwa, tare da rasit. Hajiya Ma'aji za ta zauna a bakin ƙofa.

Wassalam,
Sakatare